Kuɗin da Ya Shigo da Kuɗin da Ya Zama Naka: Lacca Kan Hanyoyi Biyu na Lissafin Kasuwanci

 



Maganar da na zo da ita yau tana kan tambaya guda: yaushe kuɗin ciniki yake zama na ɗan kasuwa? Mafi yawanmu za mu ce ranar da ya shigo hannu, ko ranar da alat ya faɗo a waya. Abin da nake so in tabbatar muku kafin mu tashi shi ne, shigowar kuɗi daban, cancantarsa daban. Kuɗi yakan shigo kafin a cancance shi, yakan kuma makara bayan an daɗe da cancantarsa. Wanda ya haɗa biyun nan wuri ɗaya zai iya cinye uwar kuɗinsa yana zaton riba yake ci.

Hanyoyi biyun

Hanya ta farko ita ce lissafin tsabar kuɗi. A nan ba a rubuta ciniki sai kuɗi ya shigo, ba a rubuta kashewa sai kuɗi ya fita. Ƙarshen wata a tara abin da ya shigo, a cire abin da ya fita, abin da ya rage a kira shi riba. Da wannan hanyar akasarin 'yan tireda da masu shaguna suke aiki a Babbar Kasuwar Gombe, kuma tana da sauƙi, domin duk abin da aka rubuta ana iya ƙirga shi a aljihu ko a duba shi a takardar banki.

Hanya ta biyu ita ce wadda akantoci suke kira akuruwal, ni kuma a wannan laccar zan riƙa ce mata lissafin haƙƙi. A nan ana rubuta ciniki ranar da ka sauke nauyin da ke kanka ga mai saye, ko ya biya ko bai biya ba. Ana kuma rubuta kashewa a lokacin da aka ci amfanin abin, ko ka riga ka biya ko ana bin ka. Tambayar wannan hanya ita ce: me na cika, me nake bi, me ake bina?

Idan ciniki na hannu da hannu ne, kamar mai shayi da ke sayen burodi da safe ya sayar kafin dare, hanyoyin biyu amsa ɗaya suke bayarwa. Suna rabuwa ne da zarar abu ɗaya cikin huɗu ya shigo: bashi, kafin alƙalami, kaya a sito, ko biyan da ya shafi watanni masu zuwa. Duk wanda ya san kasuwar Tudun Hatsi ya san babu babban ɗan kasuwar da ya kuɓuta daga waɗannan huɗun.

Misali daga Tudun Hatsi

Bari mu ƙaddara wani Alhaji mai sayar da hatsi, mu bi littafinsa na watan Disamba. Shi da farashin duk misali ne, na zaɓi alƙaluma masu sauƙin lissafi.

Ranar 1 ga wata ya biya hayar sito ta shekara guda, naira 1,200,000. Ranar 5 ga wata wani mai gidan kaji ya turo masa naira miliyan 10, kuɗin masara buhu 200, kowane buhu naira 50,000. Alhaji ya sayi buhu 200 ɗin a kasuwannin ƙauye a kan naira 42,000 kowanne, ya biya naira 8,400,000 lakadan. Amma kafin wata ya ƙare buhu 120 kawai ya kai gidan kajin, saura 80 suna sito sai Janairu.

Ranar 15 ga wata ya sayar wa wani mai kai kaya kudu wake buhu 50 a kan naira 100,000 kowanne, wato naira miliyan 5. Mutumin ya ba da miliyan 1, ya loda kayansa, ya ce sauran sai Fabrairu. Waken nan tun a Nuwamba Alhaji ya saye shi ya biya, a kan naira 88,000 kowane buhu. Ranar 20 ga wata wani tsohon abokin ciniki ya biya bashin naira miliyan 2 na kayan da ya ɗauka tun Oktoba. Sannan akwai haƙƙin yaran shago da 'yan dako na Disamba, naira 300,000, wanda ba a biya ba sai farkon Janairu.

Mu fara da lissafin tsabar kuɗi. Abin da ya shigo: miliyan 10, da miliyan 1, da miliyan 2, jimilla miliyan 13. Abin da ya fita: hayar sito da kuɗin masara, naira 9,600,000. Rarar ita ce naira 3,400,000. Idan Alhaji ya tsaya nan, zai ce Disamba ta yi masa albarka da ribar miliyan uku da dubu ɗari huɗu.

Yanzu mu koma lissafin haƙƙi, mu bi su ɗaya bayan ɗaya. A cikin miliyan 10 na mai gidan kaji, abin da Alhaji ya cancanta shi ne kuɗin buhu 120 da ya kai, naira miliyan 6. Sauran miliyan 4 suna asusunsa, amma nauyi ne a wuyansa: ko ya kai masara buhu 80, ko ya mayar da kuɗin. Don haka a ɓangaren abin da ake bin sa za a rubuta su. Waken kuwa cinikinsa ya cika, domin kaya sun bar hannunsa sun zama na mai saye. Za a rubuta miliyan 5 cif a matsayin ciniki, miliyan 4 da ba a biya ba kuma su shiga jerin bashin da yake bi. Miliyan 2 na tsohon bashi ba cinikin Disamba ba ne ko kaɗan, an riga an ƙirga shi a Oktoba, yanzu bashi ne ya koma tsabar kuɗi. Ke nan cinikin Disamba naira miliyan 11 ne.

Sai ɓangaren kashewa. Ƙa'idar ita ce a jera kowane ciniki da abin da aka kashe wajen samunsa. Masarar da aka kai buhu 120 ce, kuɗin sayenta naira 5,040,000. Buhu 80 da suka rage ba a kashe su ba, dukiya ce a sito mai darajar naira 3,360,000. Waken da aka sayar ya ci naira 4,400,000, kuma dole a ɗora shi a kan Disamba ko da yake a Nuwamba aka biya, domin a Disamba ya kawo ciniki. Hayar sito ta wata goma sha biyu ce, rabon Disamba naira 100,000 kawai. Haƙƙin yara da 'yan dako, naira 300,000, na Disamba ne tunda a Disamba suka yi gumin. Jimillar kashewa ta zama naira 9,840,000. A cire daga miliyan 11, ribar gaskiya ita ce naira 1,160,000.

Ku dubi tazarar. Littafi ɗaya ya ce 3,400,000, ɗayan ya ce 1,160,000, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Na farko ya faɗi yadda kuɗin hannu ya ƙaru, na biyu ya faɗi yadda arzikin Alhaji ya ƙaru. Haɗarin yana wajen ɗaukar amsar farko a matsayin ta biyu. Idan Alhaji ya ɗebi miliyan 3 ya yi hidimar biki ko ya ɗora gini yana ganin daga riba ya ɗiba, to kusan miliyan 2 daga jarinsa ya ɓalle, kuma ba zai gane ba sai ranar da ya tashi sayen sabon kaya.

Janairu kuma sai abin ya juye. A ce bai yi komai ba a watan sai kai buhu 80 da biyan yara. Lissafin tsabar kuɗi zai nuna ba abin da ya shigo, naira 300,000 sun fita, wata ya zama na faɗuwa. Lissafin haƙƙi zai nuna cinikin miliyan 4, a cire kuɗin masarar 3,360,000 da hayar wata 100,000, kafin a cire haƙƙin yara na shi Janairun. Watan da aka yi aiki shi ya kamata ya ɗauki ladan aikin.

Yaushe ake cewa an cancanta?

Wannan ita ce zuciyar maganar, kuma duniya ta yi mata ƙa'ida. Tun daga 2012 kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Najeriya suka koma bin ƙa'idojin lissafi na ƙasa da ƙasa, wato IFRS, ƙarƙashin kulawar majalisar sa ido kan rahoton kuɗi da dokar 2011 ta kafa. Ƙa'idar da ta shafi kuɗin shiga daga abokan ciniki ita ce IFRS 15, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2018. Matakanta biyar ne: a tabbatar akwai yarjejeniya, a ware alkawuran da ke cikinta, a san jimillar farashi, a raba farashin a kan alkawuran, sannan a rubuta ciniki yayin da aka cika kowane alkawari. Kamfani irin na simintin Ashaka da wannan ma'auni ake duba littafinsa. Ɗan kasuwar Tudun Hatsi ba wanda zai tambaye shi lambar ƙa'ida, amma hankalin da ke cikinta nasa ne shi ma.

Ma'aunin cika alkawari shi ne ikon kaya ya koma hannun mai saye. Hanya mafi sauƙi ta gane hakan ita ce ka tambayi kanka: idan kayan nan suka salwanta a daren yau, asarar wa? Idan an yi ciniki a kan mai saye ya ɗauka a bakin sito, da an auna an loda a motarsa ciniki ya cika, ko da motar ta lalace a hanyar Bauchi. Idan kuwa an yi a kan kai ne za ka kai masa har Jos, to muddin mota tana hanya kayanka ne, ba ka cancanci kuɗin ba sai an sauke ya karɓa. Buhu ɗaya, farashi ɗaya, amma ranar cancanta ta bambanta saboda sharaɗin da aka ƙulla.

Wani zai ce, to buhu 80 ɗin nan da ke sito, ai an biya kuɗinsu. Amsar ta danganta da dalilin zamansu. Idan mai gidan kajin ne ya nemi a ajiye masa saboda ba shi da wuri, aka ware buhunan, aka sa musu alamarsa, suna shirye a ɗauka, kuma Alhaji ba shi da ikon sayar wa wani, to ana iya ƙirga su a ciniki, Alhaji ya zama mai ajiya. Idan kuwa suna cakuɗe da sauran masara, gobe wani ya zo da farashi mai kyau a sayar masa a musanya daga baya, to ba su bar hannun Alhaji ba.

Akwai kuma alkawarin da ba rana ɗaya ake cika shi ba. Masu makarantun kuɗi da ke cikin zauren nan, daga Pantami zuwa Tumfure, wannan taku ce. Idan uba ya biya kuɗin shekara naira 180,000 a Satumba, ba a Satumba kuka cancance shi ba. Kuna cancantarsa ne a hankali, yayin da ake koyar da yaron. Ƙarshen zangon farko kashi ɗaya cikin uku ne naku, naira 60,000, sauran 120,000 karatu ne da ake bin ku. Makarantar da ta ɗauki kuɗin Satumba duka ta zuba a gini ita ce za ka ga albashin malamai ya gagare ta a zango na uku, ba don ɗalibai sun ragu ba, sai don an kashe kuɗin Mayu tun a Oktoba. Haka abin yake ga tela da ya karɓi kuɗin ɗinkin Sallah tun farkon azumi, da mai gidan haya da ya karɓi na shekara biyu.

Dillalai ma suna da nasu. Idan manomi ya kawo buhu 100 ka sayar masa, miliyoyin da suka bi ta asusunka ba cinikinka ba ne. Naka la'ada ce kawai, sauran amana ce har ta isa ga mai ita. Dillalin da ya rubuta duka a matsayin cinikinsa ya kumbura littafinsa da kuɗin mutane.

Abin da malamanmu suka riga suka sani

Kada wani ya ɗauka wannan tunani baƙo ne a wurinmu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da ajalinsa take. A fiƙihun Malikiyya kuma, ɗan kasuwa mai jujjuya kaya, wanda ake kira mudiri, idan shekarar zakkarsa ta zagayo ba tsabar kuɗin hannunsa kaɗai yake ƙirgawa ba. Yana yi wa hajarsa ƙima, yana haɗawa da bashin ciniki da yake sa ran za a biya shi, yana barin wanda ya fid da rai da shi har sai ya shigo, kuma bashin da ake bin sa yana da tasiri a lissafin. Tafsilin hukuncin na malamai ne, a koma gare su. Abin lura a nan shi ne, Alhajin da ba ya rubuta kayan sito, da bashin da yake bi, da wanda ake bin sa, ba shi da alƙaluman da zai kai wa malamin ma.

Inda lissafin haƙƙi yake da rauni

Ba zan ɓoye muku ba, wannan hanya tana da ƙofofin ɓarna guda biyu. Ta farko, ciniki a takarda ba ya sayen buhu. Miliyan 4 na mai wake ciniki ne a rubuce, amma idan Fabrairu ta wuce, Afrilu ta wuce, waya ta daina shiga fa? Shi ya sa ake ware tanadi tun da wuri. Idan Alhaji ya duba littattafansa na baya ya ga a kowace naira 100 da ya bayar bashi naira 5 ba ta dawowa, sai ya rage naira 200,000 daga ribar Disamba, ta koma 960,000. Sannan kowane wata ya jera masu bashi bisa daɗewa: na ƙasa da kwana 30, na kwana 30 zuwa 90, da wanda ya haura haka. Duk wanda ya gangara layin ƙarshe, a ƙara masa tanadi.

Ƙofa ta biyu ita ce, tunda akwai hukuncin mutum a ciki, mai son zuciya zai iya jawo cinikin gobe ya rubuta shi yau. Hakan ya faru a ƙasar nan. A 2006 aka gano cewa an yi shekaru ana kumbura lissafin kamfanin Cadbury na Najeriya, kuma cikin hanyoyin da hukumar kula da kasuwar hannun jari ta bayyana akwai tura wa diloli kayan da ya wuce buƙatarsu da jinkirta rubuta kashewa. Hukumar ta hukunta kamfanin da wasu shugabanninsa a 2008.

Ana gane irin wannan da alamomi uku. Bashin da ake bin mutane yana girma fiye da yadda ciniki yake girma. Ciniki yana tashi sama a makon ƙarshe na shekara, sannan kaya su riƙa dawowa a makon farko na sabuwa. Littafi yana nuna riba shekara bayan shekara, amma kullum sai an ranto kuɗin albashi. Wanda ya ba wani jari yana juya masa, ya nemi waɗannan ukun kafin ya yi murna da alƙaluman riba.

Saboda haka ba a jefar da littafin tsabar kuɗi. Kowane cikakken rahoton kamfani yana ɗauke da bayanin riba da kuma bayanin shige da ficen kuɗi, domin ɗaya yana tsare ɗaya.

Kalma kan gwamnati

Wannan bambanci ya shafi dukiyar jama'a ma. A 2010 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a koma bin ƙa'idojin IPSAS na lissafin gwamnati, aka sa 2014 don fara tsarin tsabar kuɗi, 2016 kuma don tsarin haƙƙi, a tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi. Dalilin a bayyane yake. A tsarin tsabar kuɗi, idan ɗan kwangila ya gama hanya aka ba shi takardar kammala aiki amma ba a biya shi ba, kashewar ba ta bayyana a shekarar. Haka garatutin ma'aikacin da ya yi ritaya bai karɓa ba. Tsarin haƙƙi yana tilasta a rubuta su a matsayin bashi tun ranar da suka wajaba. Ɗaliban Jami'ar Jihar Gombe da na Kashere da za su shiga ofisoshin kuɗi gobe, idan an miƙo muku rahoton shekara, ku fara buɗe shafin abin da ake bin hukumar.

Abin yi daga gobe

Ba na cewa kowane mai shago ya ɗauki akanta. Wanda cinikinsa hannu da hannu ne, littafin shiga da fita ya ishe shi. Amma duk mai ba da bashi, mai karɓar kafin alƙalami, ko mai ajiye kaya, ya ƙara shafuka huɗu a bayan littafinsa: waɗanda nake bi, waɗanda suke bina, kuɗin da na karɓa ban kai kayansu ba, da kayan da ke sito a kan farashin da na saye su. Ranar ƙarshe ta kowane wata ya rufe shafukan nan, ya ƙirga buhunan da idonsa, sannan ya fitar da riba kamar yadda muka yi wa Alhaji. Kowace takardar ciniki ta ɗauki kwanan wata biyu, ranar biya da ranar miƙa kaya. Kafin alƙalami mai nauyi kuma, in da hali, a buɗe masa asusu daban, kada a taɓa shi sai don cika alkawarin da aka karɓe shi dominsa.

Ya ku iyayena da 'yan'uwana, kafin ku ɗebi kuɗin kasuwa ku kai gida, ku tambayi kanku ko kun sauke nauyin da ya kawo shi. In kun sauke, halalinku ne, Allah Ya sa albarka. In ba ku sauke ba, haƙƙin wani ne a hannunku, ku rubuta shi da sunan mai shi har ranar da za ku cika.

 Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya tsare mu daga cin haƙƙin mutane.